Kibiyar da ke Bin Abinci: Daga Kududdufin Cikin Birni zuwa Gurbin da Ungulu ta Bari

Bayan sallar isha'i ne 'yar ƙanena ta same ni a tsakar gidanmu na cikin birni, riƙe da littafinta na bayoloji, ranta a ɓace. An ba su aikin gida su zana wanda ke cin wani tsakanin ciyawa da fara da kwaɗo da maciji. Ta jera su daidai, ba ta sa kowa a gurbin wani ba, amma malaminsu ya soke aikin gaba ɗaya da jan biro.

"Baffa, dubi nan don Allah," in ji ta. "Ai maciji ne ke kai wa kwaɗo hari. Kwaɗo kuma shi ke kai wa fara. To don me za a ce kibiyata ta juya baya?"

Na duba. Ta ja kibiya daga maciji zuwa kwaɗo, daga kwaɗo zuwa fara, daga fara zuwa ciyawa. Kuma ban ga laifin tunaninta ba. A kunnen Bahaushe kibiya makami ce. Daga hannun maharbi take fita, ta je ta sami abin farauta. Yaron da ya ji an ce ya ja kibiya tsakanin maciji da kwaɗo, dole zuciyarsa ta ɗora ta a kan bakan mai ƙarfi. Ina ganin wannan kalma ita kaɗai ta ci wa yaranmu maki da yawa a jarrabawar Wayek da ta Neko.

Kibiyar wannan zane ba ta nuna hari. Hanyar da abinci ya bi take nunawa. Gindinta na jikin wanda aka ci, tsininta na cikin wanda ya ci. Idan aka rubuta

ciyawa → fara → kwaɗo → maciji

to karatunsa shi ne: ciyawa ta shiga cikin fara, fara ta shiga cikin kwaɗo, kwaɗo ya shiga cikin maciji. Na ce mata, "'Yata, duk inda kika ga kibiya, ki karanta ta da 'ya shiga cikin'. In maganar ta ba ki dariya, kamar ki ji kin ce maciji ya shiga cikin kwaɗo, to kin juya ta."

Wannan jeri guda shi ake kira sarƙar abinci. Idan sarƙoƙi da yawa suka sarƙe da juna, domin kwaɗo ba fara kaɗai yake ci ba, maciji ma ba shi kaɗai ke cin kwaɗo ba, sai a sami abin da malamai ke kira "fud web" a cikin aji. Da Hausa na fi son a ce ragar abinci. Raga ta fi dacewa, domin kowa ya san idan zare ɗaya ya tsinke a ragar masunci, ba nan kaɗai ɓarnar ke tsayawa ba.

Dalilin da kibiya ke fuskantar mai ci

Ba son rai ne ya sa masana suka tsayar da wannan ƙa'ida ba. Abin da suke bi a cikin zanen shi ne kuzari, wato ƙarfin da ke cikin abinci. Asalinsa hasken rana ne. Tsirrai da gansakuka ne kaɗai a cikin zanen ke iya kama wannan haske su mayar da shi abinci, sauran duk karɓa suke yi daga hannun wani. Kuzarin kuma gaba yake yi, ba ya komowa. Abin da ya bar jikin fara ya shiga kwaɗo ba zai sake komawa ga ciyawa a matsayin kuzari ba. Kibiyar shaida ce ta wannan tafiya.

Tun a ƙarni na tara Aljahiz na Basra ya yi bayani a cikin Kitabul Hayawan kan yadda dabbobi ke rayuwa da cin junansu. Amma wanda ya kafa maganar a ilimin zamani shi ne Charles Elton, Baturen Ingila, a littafinsa na 1927. Daga baya, a 1942, aka buga aikin wani matashi Ba'amurke, Raymond Lindeman, wanda ya shafe shekaru yana auna rayuwar wani ƙaramin tafki a jihar Minnesota. Daga aikinsa ne aka samo ƙiyasin da ake koya wa ɗalibai har yau: kusan kashi 10 cikin 100 na kuzarin da ke wani mataki ne kawai ke zama jikin mataki na gaba.

Duk mai kiwon ragon layya ya san wannan ko bai taɓa shiga aji ba. Ragon da ya cinye buhunan dusa da damman harawa ba ya ƙara nauyin abin da ya ci. Mafi yawa ya tafi a numfashi, da ɗumin jiki, da kai-komo, da kashi. Kaɗan ne ya zama nama da kitse. A lissafin aji, idan ciyawa ta tara kilojul 10,000, fara za ta riƙe kamar 1,000, kwaɗo 100, maciji 10. Kashi goman nan ƙiyasi ne, a zahiri yakan sauka ya hau gwargwadon halitta da wuri, amma ya isa ya bayyana abin da ya sa sarƙoƙi ba sa yin tsawo. Da wuya ka ga wadda ta wuce mataki huɗu ko biyar, domin abin da ya rage a can sama bai isa ya riƙe wani mai ci ba. Shi ya sa kuma fara ta fi kwaɗi yawa, kwaɗi suka fi macizai.

Akwai gwaji mai sauƙi da ɗalibi zai yi kafin ya amsa kowace tambaya. Ya nemi halittar da babu kibiya ko ɗaya da ta shiga cikinta, sai masu fita. A zane mai kyau, wannan tsiro ne ko gansakuka, ko kuma tarin mushe da ruɓaɓɓen ganye idan zanen daga nan ya faro. Sannan ya nemi wadda kibau ke shiga cikinta amma babu mai fita: ita ce ta ƙoli, wadda ba mai cin ta a cikin wannan zanen. In ka ga kibau duk sun taru a kan ciyawa, maciji kuma babu abin da ya shige shi, to mai zanen ya juya komai.

Kududdufi a kan takarda

Misalan da ke cikin littattafan makaranta sau da yawa na wasu wurare ne, da dabbobin da yaron Yakasai ko Mandawari bai taɓa gani ba. Alhali ga kududdufi nan a bayan gida. Kududdufan cikin birni ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa, wadda tarihi ya ce an faro ta a zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134. Ruwan damina da na kwata ya taru a cikinsu, rayuwa ta kafu. Da yawa an cike su an yi gini, amma waɗanda suka rage sun ishe mu darasi.

Mu ɗauki halittu shida kawai: gansakuka, tsutsar sauro, ɗan kwaɗo mai wutsiya wanda bai riga ya yi ƙafa ba, karfasa, tarwaɗa, da zalɓe. Kibau takwas ne ke haɗa su:

gansakuka → tsutsar sauro
gansakuka → ɗan kwaɗo
gansakuka → karfasa
tsutsar sauro → karfasa
ɗan kwaɗo → tarwaɗa
karfasa → tarwaɗa
karfasa → zalɓe
tarwaɗa → zalɓe

Gwajinmu ya yi aiki: babu kibiyar da ta shiga gansakuka, babu wadda ta fita daga zalɓe. A lura kuma da karfasa. Idan ta ci gansakuka tana mataki na biyu, idan ta ci tsutsar sauro ta koma na uku. A cikin raga halitta ɗaya na iya zama a matakai biyu, kuma idan aka tambayi matakinta, sai an faɗi ta wace sarƙa ake magana.

Yanzu a ce karfasa ta ɓace daga wannan ruwa. Wannan ba tatsuniya ba ce, abu ne mai faruwa. Idan ƙazantar kwata ta yi yawa ga zafin bazara, iskar oksijin da ke cikin ruwa takan ragu ƙwarai, musamman da asuba, bayan gansakuka da ƙwayoyin bakteriya sun kwana suna shaƙar ta. Karfasa kan taso sama tana haki, in abin ya tsananta ta mutu. Tarwaɗa kuwa tana da wata gaɓa a bayan kanta da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari, shi ya sa take daɗewa da rai a cikin taɓo ko a cikin bahon mai sayar da kifi. Don haka a kududdufin da ya lalace, karfasa ke riga tafiya.

Amsar da ɗalibai suka fi bayarwa ita ce "duk sauran za su mutu". Ba haka ba ne, kuma ba ta samun maki. Ana bin abin daki-daki ne.

Da fari a bi kibau masu shiga karfasa, wato abin da take ci. Tsutsar sauro ba ta da wani mai cin ta a wannan zane sai karfasa. An ɗauke mata maƙiyi, za ta yawaita, bayan 'yan kwanaki kuma unguwa ta ji a jikinta da dare.

Sai a bi kibau masu fita daga karfasa, wato masu cin ta. Tarwaɗa na da kibau biyu da ke shiga cikinta, ta rasa ɗaya. Ba za ta ƙare ba, amma abinci ya ragu. Haka zalɓe, shi ma ya rasa ɗaya cikin biyu. A nan ake gane bambancin raga da sarƙa: mai abinci iri ɗaya tak shi ke shiga uku, mai iri biyu ko uku yana da wurin juyawa.

Ɗalibi mai matsakaicin ƙoƙari nan yake tsayawa. Mai zurfin tunani yakan ƙara taku ɗaya, ya tambaya: ina waɗanda suka rasa abinci za su juya? Tarwaɗa za ta koma kan 'ya'yan kwaɗi, ta ci fiye da yadda ta saba. Ga shi babu wata kibiya tsakanin karfasa da ɗan kwaɗo, ba su taɓa cin juna ba, amma tafiyar ɗaya ta jawo wa ɗayan bala'i. Zalɓe kuma zai matsa wa ƙananan tarwaɗa. Tarwaɗa ke nan ta shiga tsaka mai wuya: abinci ya ragu daga ƙasa, farauta ta ƙaru daga sama.

Gansakuka fa? A nan ne nake so mai karatu ya ɗan dakata, domin a nan zanen ke nuna iyakarsa. Karfasa mai cin ta ta tafi, 'ya'yan kwaɗi masu cin ta sun ragu, waɗannan biyu na cewa za ta yawaita, ruwa ya ƙara yin kore. Amma tsutsar sauro, wadda ita ma ke cin ta, ta ƙaru, wannan kuma na cewa za ta ragu. Hanyoyi biyu na jan ta gaba, ɗaya na jan ta baya. Wanda ya san kududdufi zai ce yawaita za ta yi, domin abin da karfasa ke kwasa ya fi na tsutsa nesa ba kusa ba. Gaskiya ne, amma ba daga zanen ya samo wannan ba, daga saninsa na ruwa ne. A kan takarda duk kibau kaurinsu ɗaya. Kibiyar da ke ɗauke da rabin abincin dabba da wadda ke ɗauke da ɗan abin taɓawa, kamarsu ɗaya.

Lokaci ma yana da nasa. A makonnin farko 'ya'yan kwaɗi za su ragu. In tarwaɗa ta yi ƙaranci daga baya saboda yunwa da zalɓe, ga kuma gansakuka ta wadata, suna iya farfaɗowa har su fi da. Don haka idan tambaya ta ce "me zai fara faruwa", amsar kusa ake nema. In ta ce "bayan lokaci mai tsawo", sai an bi zagaye na biyu.

Na sa yarinyar ta cire tarwaɗa maimakon karfasa, ta bi da kanta. Ta ce karfasa da 'ya'yan kwaɗi za su yawaita, tsutsar sauro ta ragu tunda masu cin ta sun ƙaru, gansakuka ma ta ragu. Sai ta ɗaga kai ta ce, "Baffa, ashe hawa da sauka yake yi: na sama ya ragu, na tsakiya ya ƙaru, na ƙasa ya ragu." Haka yake. Cire mafarauci ɗaya daga sama na iya sauya launin ruwa a ƙasa.

Ungulu ta daina jewa

Wancan misali ne na allo. Amma birnin Kano ya riga ya cire halitta guda daga ragarsa a gaban idonmu.

Duk wanda ya girma a cikin birni shekaru talatin ko arba'in da suka wuce ya san ungulu. Tana kan rufin mahauta, tana kewayen Abbatuwa ta wajen Ƙofar Mazugal, tana kan juji, tana bisa dogayen itatuwa. Ranar babbar sallah tana jiran a zubar da kayan ciki. Yawanta ya sa ta cika bakin Bahaushe: ungulu ba ta jewar banza, ungulu da kan zabo, ungulu koma gidanki na tsamiya. Yau ka tambayi yaro ɗan shekara goma sha biyar ko ya taɓa ganin ta da idonsa. Yana faɗin karin maganar, bai san tsuntsuwar ba.

Ungulun gari da muka sani, mai siririn baki da jan wuya marar gashi, ita ce masana ke kira Necrosyrtes monachus. A 2011 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke cikin haɗari ta sa ta a jerin masu fuskantar ƙarewa, a 2015 kuma ta ɗaga ta zuwa mataki mafi tsanani kafin a ce ta ƙare a daji. Wani nazari da Darcy Ogada da abokan aikinta suka yi kan ungulayen Afirka ya ƙiyasta cewa wannan iri ya ragu da kusan kashi 83 cikin 100 a tsawon zuriya uku. Cikin mace-macen ungulu da aka rubuta a faɗin nahiyar, kusan tara cikin goma guba ce da kuma cinikin sassan jikinta don magani da tsibbu. A Afirka ta Yamma, kasuwannin Najeriya ne kan gaba a wannan ciniki. Ga sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Ita kuwa ƙwai ɗaya take yi a sheƙa, don haka abin da aka kwashe a shekara guda ba ya dawowa da wuri.

Mu zana ragarta. Wannan raga ba daga tsiro ta faro kai tsaye ba, daga mushe da ragowar yanka ta faro, waɗanda su ma asalinsu ciyawar da dabbar ta ci ce:

mushe → ungulu
mushe → hankaka
mushe → shirwa
mushe → kare
mushe → ɓera
mushe → tsutsar ƙuda

Daga nan raga ta ci gaba: ƙuda ya shiga cikin ƙadangare, ɓera ya shiga cikin mage da mujiya, ƙadangare da 'yan tsaki su shiga cikin shirwa.

Dubi ungulu a cikin zanen. Kibiya ɗaya ce ta shige ta, babu wadda ta fita daga gare ta, sai dai wadda zamani ya ƙara, wato ungulu → mutum. Ɗalibin da ya haddace cewa "idan halitta ta ɓace, masu cin ta su ragu, abin da take ci ya ƙaru" zai duba ya ce babu mai cin ta, abin da take ci kuma matacce ne, don haka ba abin da zai faru. Wannan shi ne kuskure mafi girma a karatun raga, ya fi juya kibiya illa.

Abin dubawa shi ne kibau 'yan uwanta, waɗanda suka fito daga gindi ɗaya da tata. Kibau shida ne suka fita daga mushe. In aka goge ɗaya, abincin da ke bin ta bai ɓace ba, yana nan a yashe, sai ya karkata ya bi sauran biyar. Tamkar kwano ne da mutum shida ke ci, mai babbar loma ya tashi. Babu kibiya tsakanin ungulu da kare, ko tsakaninta da ƙuda, amma kasancewarta ce ke ƙayyade rabon kowannensu.

Sannan masu gadon nata ba irinta ba ne. Ungulu na gano mushe daga sama cikin ɗan lokaci, su sauka da yawa su share shi kafin ya ruɓe. Ruwan cikinta na da tsami mai tsananin ƙarfi wanda ke kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama. Ba ta shiga ɗakin kowa, ba ta cizon yaro, ba ta sauka a kan tuwo. Kare na ɗauke da cutar haukan kare. Ɓera na shiga rumbu da kicin. Ƙuda na tashi daga mushe ya sauka a kan tsire.

An gwada wannan a fili. A yankin Laikipia na ƙasar Kenya, Ogada da abokan aikinta sun ajiye mushe, wasu aka bar ungulu ta sauka, wasu aka hana ta. Sakamakon da aka buga a 2012 ya nuna cewa inda babu ungulu, mushe ya ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, dabbobi masu shayarwa irin su kuraye da diloli da ke zuwa wurin sun ninka kusan sau uku, suna daɗewa, suna cuɗanya da juna. Cuɗanya a kan mushe kuwa ita ce hanyar yaɗuwar cuta.

Indiya ta ga abin a ma'auni mafi girma. A shekarun 1990 makiyaya suka fara yi wa shanu allurar diklofenak, maganin ciwon jiki mai araha. Ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar ba da daɗewa ba, sai ƙodarta ta lalace ta mutu. Irin ungulun da ya fi kowanne yawa a ƙasar ya ragu da kashi 99.9 cikin 100 tsakanin 1992 da 2007. Sai a 2004 aka tabbatar da sanadin, a 2006 aka haramta amfani da maganin ga dabbobi a Indiya da Pakistan da Nepal. A tsakanin nan mushe ya taru, karnukan titi suka ƙaru da miliyoyi. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, suka kwatanta gundumomin da ungulu ke zaune a da da waɗanda dama ba ta zama, suka ƙiyasta cewa ɓacewarta ta jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Ba zan ɗauko wannan adadi in ɗora wa Kano ba, kuma ina jan kunnen duk mai karanta raga kada ya yi haka. A Indiya mafi yawan mutane ba sa cin saniya, in ta mutu yar da ita ake yi, don haka kibiyar da ke tashi daga mushe zuwa ungulu a can babbar hanya ce. A Kano kusan babu abin da ake yarwa a jikin dabbar da aka yanka. Nama da kayan ciki da kai da ƙafa na shiga tukunya, fata ta tafi majema ko ta zama ganda, ƙashi da ƙaho ma suna da masu saye. Karnuka kuma ba su da yawa a lungunan cikin birni kamar yadda suke a garuruwan Indiya. Zane iri ɗaya ne, amma kaurin kibau ya bambanta. Abin da zanen ke gaya wa ɗan Kano shi ne inda zai sa ido: jakin da ya mutu a bakin ganuwa kwana nawa yake yi yanzu, wa ke sauka a kan juji bayan layya, hankaka ne ko shirwa, me ke shiga kwata ya gangara Jakara wanda a da ake kwashe shi daga sama. Zanen na nuna alkibla. Yawan abin kuwa sai an fita an ƙirga.

Wani abin da nake ganin ya kamata malamai su riƙa faɗa wa yara shi ne, kowane zane zaɓi ne na wanda ya zana shi. A ragar kududdufinmu na bar tsutsar mazari, wadda ita ma ke cin tsutsar sauro. Da na sa ta, da amsar "sauro zai yawaita" ta yi sauƙi, domin akwai wani mai rage shi. Na bar yaran unguwa masu ƙugiya, na bar bakteriya da ke ruɓar da duk wanda ya mutu su mayar da sinadaransa cikin ruwa. A ɗakin jarrabawa ɗalibi ya amsa da abin da ke kan takarda kaɗai, kada ya ƙaro dabbar da ba a zana ba. A bakin ruwa kuwa, tambayar farko ita ce wa aka manta.

Kafin ta tafi kwanciya, yarinyar ta goge kibaunta uku ta juya su, tana karantawa a hankali: ciyawa ta shiga cikin fara, fara ta shiga cikin kwaɗo. A shafi na gaba kuma, ba tare da an sa ta ba, ta zana ragar mushe da kibaunta shida. Ta ja layi a kan ungulu, ta ƙara wa sauran biyar kauri da biro. Sai ta tsaya tana kallon takardar.

"Baffa, wai yaya girmanta yake? Ta kai talotalo?"

Na ce ba ta kai ba, ta dai fi zabo, amma in ta buɗe fukafukai ta fi tsawon hannuwanta biyu a miƙe. Ta miƙe hannuwan tana aunawa.